Hagu, dama: yadda 'yan badujalar wata makaranta suka koyi ƙirga 6/8

Akwai ƙa'idar da kusan duk wanda ya fara koyon karatun kiɗa a takarda yake haddacewa tun makon farko. Ana ce masa lambobi biyun nan da ke farkon layi, ɗaya bisa ɗaya, wato lambobin awo, ta saman tana faɗin yawan bugun da ke cikin kowane gida, ta ƙasan kuma tana faɗin irin alamar da ke ɗaukar bugu guda. Gida shi ne sararin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye da ke yanka kiɗan gunduwa-gunduwa. Ƙa'idar gaskiya ce a kan 2/4 da 3/4 da 4/4. Amma ranar da aka miƙo wa mutum takarda mai 6/8, ita ce za ta fara ɓatar da shi, domin za ta ce masa bugu shida ne, alhali bugu biyu ne.

Na ga yadda wannan ya auku ga 'yan badujalar wata makarantar sakandare da ke shirin faretin 1 ga Oktoba. Ƙungiya ce ƙarama: babbar ganga ɗaya, ƙananan ganguna masu tsarkiya, faranti, da masu busa begila. Malamin da ke kula da su matashi ne mai himma, ya iya karanta takardar kiɗa daidai gwargwado, kuma duk kiɗan macin da ya koya musu a baya 2/4 ne. A wannan shekarar sai ya samo wani sabon kiɗa mai 6/8, aka yi ta fama ya ƙi zama, har ya neme ni in zo in saurara.

Da yake zan yi ta ambaton tsawon sauti, ga sunayen da zan yi amfani da su. Alamar da malaman kiɗa a Najeriya suke kira kurocet, na Nijar kuma nuwar, zan kira ta kwata. Wadda ta kai rabinta, wato kweba, ita ce rabin kwata. Idan aka sa wa alama ɗigo a gefenta na dama, an ƙara mata rabin tsawonta ke nan. Kwata tana daidai da rabin kwata biyu, ɗigo ya ƙara ɗaya, saboda haka kwata mai ɗigo rabin kwata uku ce. Wannan alamar ta ƙarshe ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Abin da na tarar

Malamin ya bi hanyoyi biyu kafin zuwana, kuma kowace tana da dalilinta.

Da farko ya bi ƙa'idar sau da ƙafa. Lamba ta ce shida, sai ya ba kowane rabin kwata taku ɗaya. Saurin maci da aka saba da shi taku 120 ne a minti, wato taku biyu a kowace daƙiƙa. Sashen farko na kiɗan gida 16 ne. Da wannan ƙirgar sai ya zama taku 96, ya ci daƙiƙa 48. Masu begila suna jan sauti har numfashinsu ya ƙare, kiɗan maci ya koma kamar na juyayi. Shi da kansa ya ji cewa ba haka mawallafin yake nufi ba, ya watsar.

Hanya ta biyu ta fi wayo, kuma ita ce ta fi wuyar ganewa. Ya ce tun da a 2/4 kowane taku yana ɗaukar rabin kwata biyu, to a nan ma a yi hakan. Shida a raba biyu-biyu, taku uku a kowane gida. Kiɗan ya ɗan motsa, ya fara kama da abin da za a iya tafiya da shi, sashen ya dawo taku 48 cikin daƙiƙa 24. Amma yaran suka kasa daidaita ƙafa. Da na iso, ƙorafinsa ke nan.

"Malam, kiɗan suna yin sa, ƙafar ce ta ƙi. Ko na gyara su, gida biyu kawai sai su sake rikicewa."

Na ce su yi mini sashen suna taku a tsaye. Ban kalli hannun kowa ba, ƙafafunsu na kalla. A maci, ƙafar hagu ce take sauka a bugun farko na gida, kuma nan ne babbar ganga take ba da bugu mai nauyi. A gida na farko hagu ta sauka daidai: hagu, dama, hagu. Gida na biyu kuwa sai ya fara da dama. Na uku ya dawo hagu, na huɗu dama. Yaran da suka saba jin bugu mai nauyi a ƙafar hagu, duk sanda ya faɗo musu a dama sai su yi tsallen canja ƙafa don su gyara, gida na gaba kuma su tarar sun sake ɓata. Laifin ba nasu ba ne. Mutum ƙafa biyu gare shi, gida mai taku uku ba zai taɓa fara masa da ƙafa ɗaya sau biyu a jere ba. Abin da suke bugawa ba 6/8 ba ne, 3/4 ne sak, wanda awo ne na rawar juyi irin ta Turawa, ba na maci ba.

Wannan ita ce alama mafi sauƙi da na sani ta gane cewa an juya 6/8 ya koma 3/4. Ka taka ƙafa, ka lura da wadda take sauka a farkon kowane gida. In tana canjawa, ƙirgarka uku ce.

Inda bambancin yake

Idan ka ɗauki gida ɗaya na 3/4 da gida ɗaya na 6/8 ka ƙirga abin da ke cikinsu, rabin kwata shida za ka samu a kowanne. A lissafin makaranta ma uku bisa huɗu da shida bisa takwas abu ɗaya ne. Shi ya sa ɗalibi mai ƙwazon lissafi yakan fi saurin faɗawa wannan ramin. Amma lambobin awo ba kaso ba ne da za a taƙaita. Goro shida ne a hannunka: ka raba wa mutum uku kowa ya samu biyu, ko ka raba wa mutum biyu kowa ya samu uku. Goron bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma rabon daban ne. Mutanen su ne bugu, goron kuma shi ne ƙananan sautukan da ke cikin bugun.

To, duk awon da bugunsa yake rabuwa biyu shi ake kira sassauƙan awo. A 2/4 bugu biyu ne, a 3/4 uku, a 4/4 huɗu, kuma kowane bugu kwata ce da take tsagewa ta ba da rabin kwata biyu. Wanda bugunsa yake rabuwa uku kuma shi ne harɗaɗɗen awo. Bugunsa kwata mai ɗigo ce. A 6/8 irin wannan bugun guda biyu ne, a 9/8 uku, a 12/8 huɗu. Ka ga ke nan kowane sassauƙa yana da takwaransa: 6/8 ɗan'uwan 2/4 ne, ba na 3/4 ba. Ɗan'uwan 3/4 shi ne 9/8. In ka ga 6 ko 9 ko 12 a sama, raba ta da uku, abin da ya fito shi ne yawan bugun.

Malamin ya yi mini tambayar da ta dace. In dai bugu biyu ne, me ya hana a rubuta 2 a sama kowa ya huta? Amsar tana cikin yadda aka gina rubutun kiɗan Turai. Duk alamominsa rabi-rabi suke tafiya: cikakkiya, rabinta, kwatarta, rabin kwata, haka har ƙasa. Lambar ƙasa tana iya zama 2 ko 4 ko 8 ko 16 domin kowace tana nuna ɗaya daga cikin waɗannan alamomin. Kwata mai ɗigo ba ta da lambar kanta a wannan jerin. Da aka rasa yadda za a ambaci bugun, sai aka ambaci 'ya'yansa: rabin kwata, guda shida. Wato a harɗaɗɗen awo lambobin suna ba ka labarin gutsattsarin bugu ne, ba bugun kansa ba. Wasu mawallafa sun nemi kauce wa ruɗanin. Carl Orff na Jamus yakan rubuta yawan bugu a sama, a ƙasa kuma ya zana hoton alamar maimakon lamba. A ganina dabararsa ta fi dacewa da mai koyo, sai dai ba ita ce ta yaɗu ba, dole mu koyi karanta abin da muke samu.

Takardar da ke hannunsa ma ta faɗi gaskiya a wurare biyu, shi ne bai san inda zai duba ba. Na farko, a saman shafin an zana kwata mai ɗigo, an sa alamar daidai, an rubuta 120. Ma'anarsa kwata mai ɗigo ce take zuwa sau 120 a minti, ita ce takun. Na biyu, sandar da take haɗa wutsiyoyin rabin kwata uku-uku ta haɗa su, ƙulli biyu a kowane gida. Da 3/4 ne, da biyu-biyu za a fi ganinsu, ko duka shidan a sanda ɗaya. Idan aka bi wannan, sashen mai gida 16 taku 32 ne, daƙiƙa 16 cif, kowane gida daƙiƙa ɗaya: hagu, dama. Rabin kwata kuma suna gudu ne sau 360 a minti, abin da ba bakin da zai ƙirga su ɗaya zuwa shida da cikakkun kalmomi ba tare da harshe ya sarƙe ba.

Maci mai 6/8 ba baƙon abu ba ne. John Philip Sousa na Amurka ya rubuta da yawa a wannan awon, ciki har da The Washington Post na 1889, kuma sojoji suna taka su hagu-dama kamar kowane maci. Abin da ya bambanta su da na 2/4 shi ne wani lilo da ake ji a tsakanin taku da taku.

Yadda muka ƙirga

Na sa aka ajiye ganguna da begila gaba ɗaya. Muka fara da tafiya kawai, a hankali, taku ɗaya a daƙiƙa, wato 60 a minti, rabin saurin da ake nema.

Lambobinmu daga ɗaya zuwa shida duk gaɓa biyu-biyu ne: ɗa-ya, bi-yu, u-ku. Wannan ya sa wanda yake ƙirga da Hausa bakinsa da kansa yake raba kowane bugu biyu. Ga sassauƙan awo wannan kyauta ce. Ka ce ƊA-ya BI-yu U-ku, ka samu gida ɗaya na 3/4 cikakke, gaɓa shida, bugu uku. Ga 6/8 kuwa ana bukatar gaɓa ta uku a kowane bugu, sai muka ƙara "da": ƊA-ya-da BI-yu-da. Nan ma gaɓa shida ce, amma bugu biyu. Duk gaɓoɓin gajeru ne, tsawonsu ɗaya, ba wadda za ta ja baki ta ɓata awon. Hagu tana sauka a ƊA, dama a BI, sauran huɗun suna wucewa ƙafa tana sama.

Abu ɗaya na nace a kai: kada a furta shi kamar maganar yau da kullum, a yi ɗan tsayawa bayan "ɗaya" sannan a ce "da biyu". Gaɓoɓin shida dole su zubo daidai wa daida, nisan "ya" zuwa "da" ya yi daidai da nisan "da" zuwa "BI". Na sa su suka riƙa musanyawa, gida huɗu na ƊA-ya BI-yu U-ku, gida huɗu na ƊA-ya-da BI-yu-da, saurin gaɓoɓin bai canja ba, tafi kawai yake sauya wuri. A na farko tafi yana faɗawa a gaɓa ta 1 da ta 3 da ta 5, a na biyu a ta 1 da ta 4. Wannan atisayen shi ya buɗe wa mafi yawansu kunne, domin sun ji da jikinsu cewa kayan ɗaya ne, wurin nauyin ne ya bambanta.

Ba a hana ƙirga ɗaya zuwa shida ba. Tana da amfani idan ana warware wani wuri mai wuya a hankali, ana so a san a kan wane rabin kwata wani sauti yake faɗawa. Sharaɗin shi ne a danna ɗaya da huɗu, kuma huɗu ta ɗan fi ɗaya sauƙi, domin bugu na biyu bai kai na farko nauyi ba. Da zarar an ƙara sauri, a koma ƙirgar biyu.

Daga nan mai babbar ganga ya ɗauki gangarsa. Aikinsa ya fi na kowa sauƙi kuma ya fi na kowa muhimmanci: kwata mai ɗigo biyu a kowane gida, ɗaya a ƊA, ɗaya a BI. Mai faranti ya bi shi. Sai da wannan ya zauna sannan muka taɓa ƙananan ganguna.

Dogo da gajere

A nan aka fi daɗewa, kuma nan ne ainihin ɗanɗanon 6/8 yake. Yawancin gidajen kiɗan ba rabin kwata shida ba ne a jere. Tsarin da ya fi yawa shi ne kwata, rabin kwata, kwata, rabin kwata: dogo, gajere, dogo, gajere. A ƙirgarmu, dogon yana cin "ƊA-ya", gajeren yana faɗawa a "da". Hannu yana bugawa a ƊA da "da" da BI da "da", baki kuma yana ci gaba da furta duka shidan.

Wannan tsarin yana lalacewa ta fuska biyu, kuma na ji dukansu a cikin yaran nan. Don a ga inda suke, a ɗauka an yanka bugu guda kashi 12. Gajeren sautin ya kamata ya shigo bayan kashi 8, domin dogon ya ci kashi biyu cikin uku. Wasu yaran, waɗanda 2/4 ya zauna musu a hannu, sai su shigo da shi bayan kashi 6, su raba bugun biyu daidai. Lilon ya tafi, kiɗan ya koma 2/4 tsagwaron. Wasu kuma da suka ji an ce dogo da gajere sai suka wuce gona da iri, suka jinkirta shi zuwa bayan kashi 9, ya manne da bugu na gaba. Wannan shi ne tsarin rabin kwata mai ɗigo da 'yar ƙaramar da take binta, uku da ɗaya, wanda ya cika macin 2/4 da 4/4. Kuskure na farko kowa yana jin sa. Na biyun ya fi ɓuya, domin tsakanin 8 da 9 kashi ɗaya ne tak, a saurin 120 bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba. Amma idan rabin masu ganga suna kan 8 rabi suna kan 9, sautin ba ya fita tsaf, sai ka ji kamar ana buga kowane gajeren sauti sau biyu.

Maganinsa shi ne kada a bar gaɓar tsakiya ta ɓace daga kunne. Na raba masu ƙananan ganguna rukuni biyu. Rukuni ɗaya suna buga duka shidan a hankali a bakin ganga, ɗaya rukunin suna buga dogo da gajere a fata. Gajeren dole ya faɗa daidai kan gaɓa ta uku da ta shida da 'yan'uwansu suke bugawa, in ya riga ko ya makara nan take ake ji. Bayan ɗan lokaci su yi musanya. Wata yarinya daga cikinsu, wadda take cikin masu jinkirtawa, ta tsaya ta ce, "Malam, ashe 'ya' ɗin nan da ba a bugawa shi ma yana da wurinsa." Na ce mata haka ne, 'yata, kuma duk wanda ya daina jin sa a ransa zai ci masa wuri.

Akwai kishiyar tsarin a gida biyu na kiɗan, gajere sannan dogo, inda ake bugawa a ƊA da "ya" a bar "da". Bai ba su wahala sosai ba da suka gane inda yake faɗawa. Haka ma inda aka tsaga rabin kwata biyu, sai kawai a sa bugu biyu a cikin gaɓa ɗaya.

Masu begila matsalarsu ta shiga ce. Kiɗan ba a kan ƊA yake farawa ba, yana da rabin kwata guda kafin layin gida na farko, wato gaɓa ta shida. A da malamin yakan ƙirga musu har shida sannan su shiga, sai sautin share fagen ya hau kan bugun farko, komai ya goce da gaɓa ɗaya. Muka mayar da ƙirgar shiga haka: ƊA-ya-da BI-yu-da, ƊA-ya-da BI-yu, su kuma su busa a gurbin "da" na ƙarshe da ba a furta ba. Numfashi kuma su ja shi a kan ƊA na gida na biyu, ba a kan "yu" ba, don kada su makara.

Muka riƙa ƙara sauri daga 60 zuwa 80, zuwa 100, zuwa 120, ba a wucewa gaba sai an yi sashen duka ba tuntuɓe. A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani game da metironom ɗin waya, wato manhajar da take ƙwanƙwasa bugu a saurin da aka sa mata. Wasu manhajojin idan ka zaɓi 6/8 ka sa 120, rabin kwata suke ƙirgawa a 120, wato ka koma kuskuren malamin na farko. Gwajin mai sauƙi ne: ka saurari ƙarar farkon gida, in tana dawowa kowace daƙiƙa ɗaya daidai ne, in sai bayan daƙiƙa uku to gutsattsarin yake ƙirgawa. Abin da ya fi aminci shi ne a sa shi a bugu biyu, a zaɓi rabon uku-uku.

Gidan da ya yi kama da 3/4

Kusa da ƙarshen sashe na biyu akwai gida ɗaya da begila take busa sautuka uku masu tsawo ɗaya, kowanne tsawon kwata. Malamin ya nuna mini shi, yana ganin ya samu hujja: ga 3/4 nan a fili. Na ce ya dubi yadda aka rubuta na tsakiyar. Ba kwata aka zana ba, rabin kwata biyu ne aka ɗaure su da baka, ɗaya a ƙarshen bugun farko, ɗaya a farkon na biyu. Mawallafin ya yi haka ne don ido ya ga cewa bugu na biyu yana nan, sautin ne ya haye ta kansa. Babbar ganga a gidan nan ba ta canja ba, biyu take bugawa. Begila tana kan gaɓa ta 1 da ta 3 da ta 5, ganga da ƙafa suna kan ta 1 da ta 4. Uku a kan biyu ke nan, abin da masana suke kira hemiyola. Daɗinsa yana cikin ja-in-jar, saboda haka in ƙafa ta bi begila an zubar da shi.

Na yi tsammanin wannan gidan zai fi ba su wuya, sai ya zama masu ganga sun kama shi kafin in gama bayani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Uku a kan biyu ya cika kiɗan Afirka ta Yamma. Masu nazarin da suka rubuta gangunan Ewe na Ghana da Togo a takarda, 12/8 suka fi amfani da shi, kuma kiɗe-kiɗenmu da yawa na kalangu da na biki a kan rabon uku suke tafiya. Yaran nan sun taso suna tafa shi. Abin da ba su sani ba shi ne cewa abin da ke hannunsu shi ne wanda aka rubuta da lambobin nan biyu. Hanyar da muka bi don masu begila ita ce tafi a cinya: hannu biyu tare a gaɓa ta 1, dama a ta 3, hagu a ta 4, dama a ta 5. Hagu ta ba da biyu, dama ta ba da uku.

Inda ƙa'idar biyu take da iyaka

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka ko'ina aka ga 6/8 sai a yi ta gudu da bugu biyu. Idan kiɗan mai tafiya a hankali ne, a ce kwata mai ɗigo tana zuwa sau 40 a minti, tazarar bugu da bugu daƙiƙa ɗaya da rabi ce, ta yi nisa ƙwarai ga ƙungiya ta riƙe ba tare da ta watse ba. A nan mai jagora yakan kaɗa hannu sau shida, rabin kwata a 120, kuma daidai ne. Waƙar Kirsimeti ta Stille Nacht da Franz Gruber ya sa wa kiɗa a 1818 a 6/8 ya rubuta ta, kuma sau da yawa da shida ake jagorantarta. Amma ko a nan ginin bai canja ba: ƙulli biyu ne na uku-uku, nauyi a ɗaya da huɗu. Sauri yana canja abin da hannu yake kaɗawa, ba ya canja yadda aka raba gidan.

Haka kuma kunne kaɗai ba koyaushe yake iya faɗa maka abin da aka rubuta ba. Kiɗan 2/4 da aka cusa wa sautuka uku-uku a kowane bugu, masu 'yar lamba 3 a kansu, sautinsa ɗaya ne da 6/8. Bambancin na rubutu ne: in rabon uku shi ne abin yau da kullum a kiɗan, 6/8 ya fi sauƙin karantawa, in jefi-jefi yake zuwa, a bar shi a 2/4. Shi kuwa 3/8, a littattafai sassauƙa ne mai bugu uku, amma in ya yi sauri bugu ɗaya ake jin sa.

Kafin ranar fareti ƙafa ta daidaita, ba a ƙara tsallen canji ba, shigar begila ma ta zauna. Abin da bai gama warkewa ba shi ne dogo da gajere. Idan suka yi zagaye biyu ko uku na fili suka gaji, wasu masu ƙananan ganguna sukan koma uku da ɗaya, musamman nan da nan bayan sun gama wani kiɗan 2/4. Saboda haka malamin ya canja jerin kiɗan, ya sa mai 6/8 a farko kafin gajiya, ya kuma ware yaro ɗaya mai tsayayyen hannu wanda aikinsa a wannan kiɗan shi ne buga duka rabin kwata shidan a hankali daga farko har ƙarshe, sauran su jingina da shi. Tsakanin kiɗa da kiɗa kuma babbar ganga takan yi gida huɗu ita kaɗai tare da wannan yaron, kafin kowa ya shiga.